Tsibirin da ke Shafin Agusta

Kawu ya ce duk faɗin duniyar nan babu ƙasar da bai san lokacin zuwanta ba, kuma bai taɓa zaɓar wa mutum wurin hutu an dawo ana da-na-sani ba. Ya faɗi haka ne ranar Asabar da hantsi, a falon yayarsa Umma, yana zaune a kujerar da ta fi kowacce laushi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya don a ga safarsa. Rabin maganar na biyu gaskiya ne. Bai taɓa zaɓar wa kowa ba.

Auta tana zaune a ƙasa tana yanke wa Umma farce, ta ce, "Haka ne, Kawu."

Sau ɗaya Kawu ya taɓa hawa jirgin sama, shekara tara da suka wuce, lokacin da kamfanin inshorar da yake wa aiki ya tura shi kwas na kwana huɗu. Takardar da aka ɗaura wa jakarsa a filin jirgi tana nan har yau, ya naɗe ta da salatif don kada ta yage. Muƙaminsa a kamfanin kuwa sai mutum ya ja numfashi kafin ya faɗa: Mataimakin Shugaban Sashen Kula da Kadarori da Kayan Aiki. Auta ta taɓa kai masa saƙo ofis ta same shi yana ƙirga kujerun roba.

Ita Auta shekararta shida a maɗaba'a. Da sharar guntayen takarda ta fara, daga nan ta koma haɗa shafuka, sannan ta dinga zama bayan mai tsara shafi tana kallon hannunsa, in ta dawo gida ta ƙarasa koyo a waya. Da mutumin ya bar aiki, Oga ya waiga bai ga kowa ba sai ita. Yanzu duk abin da zai shiga inji sai ya bi ta kwamfutarta. Kawu dai har yau in an tambaye shi inda ƴar yayarsa take aiki, sai ya kaɗa hannu ya ce, "Wajen masu fotokwafin nan."

Bana ne Oga ya ba ta hutu na farko mai sunan hutu: kwana goma sha huɗu cif, a watan Agusta, lokacin da ake kwance babban inji a yi masa gyara. Ya ce ko Agusta ko babu, don daga Satumba aikin kalanda zai fara, ba mai ɗaga kai sai sabuwar shekara. Shekara biyu tana tara kuɗin wannan hutu, kuma tun ranar farko ta san da wa za ta tafi. Umma ta yi shekara talatin tana dafa wa ɗalibai ɗari shida abinci a makarantar kwana. Ba ta taɓa yin kwana uku a wani gari ba sai don haihuwa ko rasuwa. An yi musu fasfo tun bara, yana cikin durowa ƙarƙashin zanen gado, sabo fil.

Wuri biyu suka rage a takardar Auta, wani guntun kwali da ta tsinto a ƙarƙashin injin yanka ta raba shi gida biyu da biro. A dama tsibiri, a hagu garin kan dutse mai tafki.

"Karanta wa kawunki," in ji Umma. "Shi ya san waɗannan abubuwa."

Auta ta karanta. Tsibirin sai an hau jirgin sama biyu, da jiran awa tara a tsakani, a kwana a garin bakin teku, washegari a shiga jirgin fito na awa uku. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, saura goma. Garin dutse kuwa jirgin ƙasa ne, a tashi da safe a isa kafin magariba, saura kwana goma sha biyu. Tikitin tsibiri ya ninka na jirgin ƙasa sau biyar, amma otal ɗin tsibirin ya karya kuɗinsa rabi a Agusta. Masaukin garin dutse kuma a Agusta yake tsada, don lokacin kowa yake gudun zafi ya hau can. Sai dai ta samo ɗaki mai ɗan kicin, za su iya dafa nasu. In an haɗa komai, tsibirin zai cinye kuɗin duka har da ɗan canjin da ke aljihun jaka, garin dutse zai bar musu kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Kawu ya saurara da ido a rufe, irin sauraron likita.

"Kin gama?"

"Saura yanayi, Kawu. Na duba, a Agusta damina ce a tsibirin. Wai ruwa kusan kullum, teku kuma tana hauka, har jirgin fito yakan kwana biyu uku bai tashi ba. Shi ya sa otal ɗin ya sauko."

"Kin duba a ina?"

"A waya."

Kawu ya buɗe ido ya kalli Umma, ya yi murmushin tausayi. "Yaya, kin ji ko? A waya. Wayar da jiya ta ce min za a yi ruwa, na ɗauki lema na yini ina yawo da ita kamar mai tallarta." Ya juyo. "Auta, otal ba ya karya kuɗi don ruwa. Dabarar kasuwanci ce, mu a harkarmu mun san ta. Sannan jirgin ƙasa? Ki ɗauki uwarki, bayan shekara talatin a bakin murhu, ki sa ta a jirgin ƙasa da masu buhunan albasa, ki kai ta wani ɗaki ki ce ta sake dafa abinci? In an tambaye ni ina yayata ta tafi hutu, in ce me?"

"Ka ce ta tafi hutu," in ji Auta.

Umma ta ɗan buge ta a kafaɗa da hannun da aka gama yanke wa farce.

Abin da ya hana Auta yanke hukunci ita kaɗai tun farko shi ne, kowane gefen kwalin yana da Umma a ciki. Umma tana da gwangwanayen fenti goma sha tara a baranda, kowanne da shukarsa, tana gaishe su da safe kafin ta gaida mutane. A garin dutse akwai babban lambun furanni da gidajen rainon tsirrai jere a bakin tafki, kuma a Agusta komai yake buɗewa. Amma garin hawa da gangara ne, gwiwar Umma ta hagu kuma ba ta son matakala. Tsibirin shimfiɗe yake kamar faranti. Ga shi Umma ta taɓa cewa, tana wanke tukunya, ba da kowa take ba, ita dai tana so ta ga ruwan da ba a hango ƙarshensa kafin ta mutu. Auta ta ji, ta riƙe. Ita kanta abin da take so bai da yawa: wurin da babu ƙarar inji, babu wanda zai ce mata a ƙara wa ja ɗin nan haske.

"Ni ba da ka nake magana ba," in ji Kawu, yana miƙewa yana gyara wuyan riga. "Ina da hujja a rubuce. Ki biyo ta ofis ranar Litinin ki gani da idonki."

Ranar Litinin da azahar ta biya. Ofishin Kawu ɗaki ne a ƙarshen baranda, kusa da banɗaki, rabinsa katan-katan na takarda da tsofaffin fankoki. Ya sa ta jira minti goma a waje, ko da yake ta tagar tana ganinsa yana ɓare gyaɗa. Da ta shiga ya tashi ya nufi bango, inda kalandar kamfaninsu take rataye, ya ɗaga shafuka biyu ya riƙe da yatsa.

"Karanta."

"Agusta."

"Me kika gani?"

Tsibirin ne. Farin yashi, ruwa shuɗi har ana ganin ƙasansa, ƙaramin kwalekwale ɗaya, sama tas babu ko ɗigon gajimare. A saman, cikin fararen haruffa, ga dogon saƙon manajan darakta.

"Kin ga hadari? Kin ga lema?" in ji Kawu. "Wannan kalanda kamfani ne ya yi ta, kamfanin da aikinsa ke nan lissafin hatsari. Masana ne suka zauna suka tsara. Kowane wuri an sa shi a watan da ya dace a je masa. Kina tsammani za su sa tsibiri a Agusta haka kawai?"

Auta ta tsaya tana kallon shafin. Ta san shi kamar tafin hannunta. Ita ta tsara kalandar nan bara, a watan Oktoba, tana mura. Ita ta ɗauko hoton ta sa a Agusta, kuma ta tuna dalili, ba shi da haɗi da rana ko ruwa. A gaskiya ma a nan ta fara ganin tsibirin har ya shiga ranta.

Ta buɗe baki. Sai ga wani matashin ma'aikaci ya leƙo yana neman biro, Kawu ya ce masa, "Zo ka ga, ina koya wa ƴata harkar tafiye-tafiye." Matashin ya ce, "Ai an zo wurin da ya dace, ranka ya daɗe." Kawu ya kumbura har maɓallin rigarsa ya nemi agaji.

Auta ta rufe bakinta. Ta ce hoton ya yi kyau. Ya ce ai ya sani.

Ta koma maɗaba'a ta sami Mai Yanka yana daidaita tarin takarda a bakin injinsa. Dattijo ne da ya fi kowa daɗewa a wurin, yatsunsa tara da rabi, kuma yakan ce rabin da ya tafi shi ne kuɗin makarantarsa. Ta ba shi labari tana cin burodin da ta ɓoye a durowa.

Ya yi dariya har sai da ya kashe injin don kada ya ƙara biyan kuɗin makaranta.

"Masana! Ashe mun zama masana ba a faɗa mana ba. To ai sai Oga ya ƙara albashi." Ya share ido. "Kin gaya masa?"

"A gaban yaronsa? Baba, ƙanin Umma ne. Ita ta goya shi. In ya yi tari a waya sai ta kwana tana tambaya ko ya sha magani."

"To ki gaya wa Umman."

"Na san abin da za ta ce. Za ta ce kada in kunyata shi, a je tsibirin kawai, ruwa ai ba ya kisa."

"Ruwa ba ya kisa," in ji Mai Yanka, "amma kwana goma a ɗakin otal kuna kallon taga, ke da tsohuwa, da kuɗin shekara biyu? Ni da na yi aikin jirgin ruwa ina saurayi, na san irin wannan teku. In ta tashi, wanda bai taɓa amai ba ma sai ya tuna abin da ya ci ranar sunansa. Kuma in fito ya tsaya ranar dawowarku, jirgin sama ba zai jira ku ba. Sabon tikiti za ki saya."

"Da wane kuɗin?"

"Da na masana."

Da yamma ta gwada Umma ta gefe. Ta same ta a baranda tana cire busassun ganye, ta tsuguna ta riƙe mata butar ban-ruwa.

"Umma, tsakani da Allah, wanne kike so?"

"Duk wanda kuka zaɓa."

"Ba mu za mu zaɓa ba. Hutunki ne."

"Kuɗinki ne."

"Umma."

Umma ta murza wani ganye a yatsa ta shinshina. "Wannan lambun da kika ce, ana sayar da iri?"

"Har da dashe. Ana naɗe saiwar a jiƙaƙƙen buhu, a jirgin ƙasa ba mai hana ki. A jirgin sama ne ba za a bar ki ki tsallako da shuka ba."

Idon Umma ya yi haske, sannan ta mayar da shi kan gwangwani. "Amma gwiwar nan."

"Na tambaya. Ɗakin a ƙasa yake, bakin tafki, babu matakala. Lambun kuma akwai ƴar motar da ke zagayawa da tsofaffi."

"Wa kike kira tsohuwa?"

"Motar ce ta faɗa, ba ni ba."

Umma ta yi dariya, ta karɓi butar. Can ta ce, "Kawunki ya riga ya gaya wa mutanen ofishinsu. Har ya ce zai ara min jakarsa. Kin san bai taɓa ara wa kowa jakar nan ba. Yaron nan tun yana ƙarami in ya ce abu aka ƙi, sai ya ƙi cin abinci." Yaron nan shekararsa hamsin da biyu. "Kuma tekun ma ai ina so in gani. A bi nasa, Auta. Ya fi mu sani."

Auta ta kalli gwangwanayen nan goma sha tara, ta ce to.

Ranar Alhamis ce ranar biya, don mai tikitin da ke shirya musu tafiyar ta ce ba za ta iya riƙe musu kujerun jirgi da ɗakin bakin tafki fiye da haka ba, dole a saki ɗaya. Ofishinta ɗan ƙarami ne, tsakanin shagon gyaran waya da na mai sayar da labule: tebur ɗaya, kujeru uku, fanka mai juyawa tana ɗaga takardu, da ƙwallon taswirar duniya da rana ta cinye wa launi. Mai tikitin mace ce mai tabarau a goshi, da muryar wadda ta gaji da yi wa mutane bayanin abin da ba sa son ji.

Kawu ya zo da kwat, da kalandar a naɗe a hammata kamar takardar fili. Ya zauna a kujerar tsakiya. Kafin kowa ya yi magana ya juya ƙwallon taswirar, ya dafa yatsa a wani wuri ya ce, "Nan za su." Mai tikiti ta sauko da tabaranta ta duba, ta ɗauke yatsan ta matsar da shi kamar taƙi guda.

"Hajiya," ta ce wa Umma, "ni in don ribata ce, tsibirin ya fi min, kamashona ya fi yawa a tikitin jirgin sama. Amma ba na son a dawo ana zagina. Agusta tsakiyar damina ce a can. Ba wai ba a ganin rana ba, ana gani, wata ran da safe. Amma rabin gidajen abinci a rufe suke, masu kwalekwalen yawo sun ja nasu tudu, fito kuma sai yadda iska ta ce. Kuma wannan tikitin mai rahusa ba a canza masa rana, ba a mayar da kuɗi. In teku kuke so, ku zo min daga Disamba zuwa Maris."

"Ba ta da hutu a lokacin," in ji Umma.

"To garin dutse yanzu ne lokacinsa. Ku dai tafi da rigar sanyi."

Kawu ya yi gyaran murya. "Malama, shekararki nawa a wannan aiki?"

"Goma sha shida."

"Kin taɓa zuwa tsibirin?"

"Sau biyu."

Wannan bai cikin shirin Kawu, amma bai girgiza ba. Ya ture ƙwallon taswira gefe, ya warware kalandar a kan tebur, ya danne kusurwa ɗaya da wayarsa, ɗaya da abin huda takardar mai tikiti.

"To ga abin da masana suka ce. Yaya, matso ki gani. Agusta. Dubi sama. Dubi ruwa."

Umma ta matso. Ba ta taɓa ganin hoton ba sai yau. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa a hankali ta shafa inda ruwan ya haɗu da sama.

"Haka yake da gaske?"

"Haka za ki same shi," in ji Kawu. "Na ba ki kalmata."

Mai tikiti ta ce, "Alhaji, wannan ai kalanda ce."

"Kalandar kamfanin inshora ce, malama. Ba irin ta masu shagon magani ba."

Umma ta juya ga Auta. "Ba ta kuɗin, a yi na tsibirin."

Auta ta sa hannu a jaka. Katin banki yana nan a ƙaramin aljihu. Kusa da shi kuma ga wayar maɗaba'a, tsohuwa mai fasasshen gilashi, wadda Oga ya ɗora mata ɗauka tun da ya gaji da masu kira suna tambaya ko aikinsu ya fito. Ta kalli yatsan Umma a kan ruwan nan shuɗi. Da Umma ta zaɓi teku da ruwan samanta da komai, ta sani ta zaɓa, da Auta ta biya ba ta ce uffan ba. Amma Umma wannan hoton take saya, kuma ba shi za a ba ta ba.

Ta fito da hannunta babu kati.

"Kawu," ta ce, da muryar da take gaishe shi da ita, "tunda kuɗin ba a mayarwa, da za ka taimaka ka tambayi masanan da bakinka, hankalin kowa ya kwanta. Ga lambar waɗanda suka tsara a ƙasan shafi."

Kawu ya duba. Da ƙananan haruffa, a can ƙasa, ga sunan maɗaba'a da lamba. Sunan bai ce masa komai ba.

"Wannan shawara ce mai kyau," ya ce. "Kin fara koyo." Ya ɗauke wayarsa, kusurwar kalandar ta naɗe, ya buɗe lasifika don kowa ya amfana, ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya yana karantawa da ƙarfi. Ya ajiye wayar a tsakiyar tebur, ya harɗe hannu.

Jakar Auta ta fara ƙara.

Ta ce, "Ku yi haƙuri," ta ciro wayar, ta ɗan juya gefe kamar mai ladabi, ta kara a kunne. "Maɗaba'a ce, barka da rana. Da wa nake magana?"

Muryarta ta fito daga wayar Kawu a tsakiyar tebur, ta ɗan makara kaɗan, ta sake tambaya da wa take magana.

Mai tikiti ta cire tabarau gaba ɗaya ta ajiye. Umma ta kalli wayar tebur, ta kalli ƴarta, ta sake kallon wayar tebur.

"Ke!" in ji Kawu. "Wane irin wasa ne wannan? Me ya kai wayar mutane jakarki?"

"Wajen aikinmu ne, Kawu."

"Ba fotokwafi kuke yi ba?"

"Muna yi, in an kawo."

"To ba ni wanda ya tsara kalandar."

"Ni ce."

"Na ce masanin da ya zaɓi hotunan."

"Kamfaninku ya turo hotuna goma sha biyu a jaka ɗaya, aka ce in jera yadda ya yi kyau. Ni ce dai. Baba Mai Yanka ya yanke gefen."

Umma ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Kafaɗunta suna rawa. Ta yi ƙoƙari ta ce wani abu na rarrashi, ta kai hannu ta dafa gwiwar ƙaninta, amma abin ya fi ƙarfinta, dariyar ta ɓalle har da hawaye. "Wayyo, Ƙaramina," take cewa, "wayyo, ɗan'uwana." Da ta samu numfashi ta share ido ta juya ga mai tikiti.

"Ƴata, tsakaninki da Allah, in na je a Agusta zan ga wannan?" Ta nuna hoton.

"Ruwan za ki gani, Hajiya. Na sama da na ƙasa. Launin toka."

"A jirgin ƙasan, ana barin mutum da shuka guda nawa?"

"Iya abin da za ki iya ɗauka."

"Auta za ta ɗauka. Yi mana na dutsen. Abin da ya ragu a ajiye, tekun ba gudu za ta yi ba." Ta sake dafa gwiwar Kawu. "Jakar dai kana ba ni, ko ka fasa?"

Kawu yana kallon kalandar, har yanzu wayarsa a buɗe, kuɗinsa yana tafiya. Auta ta miƙa kati, mai tikiti ta fara danne-danne.

"Duk da haka," in ji Kawu a hankali, yana nuna shafin da yatsa, "ba za a rasa dalili ba. Ba a sa abu a wata haka kawai. Ko ke ce, ai da abin da kika duba kika sa shi a Agusta."

"Akwai, Kawu," in ji Auta. Ta kashe wayar maɗaba'a ta mayar jaka. "A Agusta kamfaninku zai cika shekara ashirin da biyar, saƙon manajanku layi goma sha ɗaya ne. Duk cikin hotunan, wannan ne kaɗai samansa ya isa a rubuta."